Olsar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: nazarin lamarin wani ɗan kasuwar albasa a Legas

Mutumin da yanayin zamansa

Magidanci ne ɗan shekara 43, mutumin yankin Aliero a jihar Kebbi, yana sana'ar albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Iyalinsa suna gida, shi kuwa yana kwana a ɗaki ɗaya da ƙanensa da wasu abokan sana'a kusa da kasuwa. Duk da yana da nasa rumfa, idan tirela ta iso da asuba yakan sa hannu a sauke buhuna, kuma daga nan ya samo ciwon baya da ya daɗe yana fama da shi. Karyawarsa shayi da burodi ce, abincin rana sai ciniki ya lafa, wani lokacin har la'asar, tsakani kuwa goro ne da sigari kara uku ko huɗu a yini. Ba ya shan giya, ba shi da hawan jini ko ciwon sukari. Idan bayan ya matsa masa, yakan je kemis a haɗa masa ƙwayoyi a leda, bai taɓa tambayar sunansu ba.

Ƙarshen 2022: yadda ciwon ya faro

Wajen watan Nuwamba ya fara jin zafi a saman cikinsa, daidai ƙasan ƙashin ƙirji, inda mutum zai iya nunawa da yatsa ɗaya. Zafin yana da lokutansa. Yakan taso awa biyu zuwa uku bayan cin abinci, ya kuma tashe shi wajen ƙarfe biyu na dare. Da ya ci wani abu, ko gutsuren burodi ne, sai ya lafa. Ban da wannan akwai yawan gyatsa da kumburin ciki, amma babu amai, kuma bai rame ba.

Wannan tsarin ciwo ya fi dacewa da gyambon da ke bakin ƙaramin hanji, wato gaɓar da abinci ke fara shiga idan ya bar tumbi. Idan ciki ya zama wayam, ruwan asid na tumbi yana gangarowa kan gyambon ba tare da abin da zai tsarma shi ba, abinci kuma yana tare shi na ɗan lokaci. Gyambon da ke jikin tumbin kansa yakan yi akasin haka, ci ne ke tayar da shi, har mutum ya fara gudun abinci ya rame. Sai dai alamu kaɗai ba sa raba gardama. Mutane da yawa masu irin wannan zafi, idan aka leƙa cikinsu ba a samun gyambo ko ɗaya, wasu masu gyambon kuma ba sa jin komai sai ranar da ya yi jini.

Abokan zamansa sun yanke hukunci nan take: olsa ce, yunwa ce ta kawo ta, kuma ba ta warkewa sai dai a lallaɓa. Ya bi abin da aka saba. Ya riƙa jiƙa kanwa yana sha, ya koma shan madarar gwangwani kafin ya kwanta, ya ajiye kwalbar farin maganin olsa na ruwa a rumfa. Kowanne yana ba shi sauƙi na ɗan lokaci. Kanwa da farin maganin suna kashe kaifin asid ɗin da ke wurin a lokacin ne kawai, madara kuwa takan kwantar da zafin da farko, daga baya ta sa tumbi ya ƙara zubo wani asid ɗin. A watan Disamba mai kemis ya ƙara masa omefirazol mai miligiram 20, wanda shi yana rage samar da asid ɗin ne tun daga tushe. Wannan ya yi masa aiki sosai, sai dai da ya daina da mako biyu ciwon ya dawo.

Fabrairu 2023: gwajin jini da magani na farko

Ƙanensa ya kai shi wani ƙaramin ɗakin gwaji a unguwa. Aka ɗiga jinin yatsarsa a kan ɗan katin gwaji, bayan minti goma sha biyar layi biyu suka fito. Aka rubuta masa cewa yana ɗauke da ƙwayar Helikobakta failori, wadda takardun gwaji kan taƙaita sunanta da H. pylori.

Wannan bakteriya ce mai siffar murɗaɗɗen zare da ke zaune cikin majinar da ta lulluɓe bangon tumbi. Tana rayuwa a inda asid ke kashe sauran ƙwayoyi domin tana da wani sinadari da ke farfasa yuriya, wani sinadari da jiki ke fitarwa a fitsari, ya fitar da amoniya, amoniyar kuma ta kashe kaifin asid ɗin da ke kewaye da ita. Zamanta yana jawo kumburin bangon tumbi na shekaru, ya raunana kariyarsa, a wasu mutanen kuma ya sa asid ya yawaita har ya ƙona bakin hanji. Yawanci tun ana yara ake ɗaukarta, a cikin gida, ta yawu ko amai ko ruwa da abincin da bayan gida ya gurɓata. Kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da ita, amma kamar mutum ɗaya cikin goma ne take kai wa ga gyambo. Likitoci biyu a birnin Perth na Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, su ne suka gano alaƙarta da gyambon ciki a farkon shekarun 1980. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya sha ƙwayar da kansa a 1984 har ta kumbura masa tumbi, kuma a 2005 aka ba su kyautar Nobel.

Gwajin jinin da aka yi masa ba ƙwayar yake gani ba. Abin da yake gani shi ne garkuwar da jiki ya ƙera don yaƙar ta, ita kuwa garkuwar takan zauna cikin jini watanni ko shekaru bayan ƙwayar ta mutu. Saboda haka zai iya cewa mutum ya taɓa haɗuwa da ita, amma ba ya iya faɗin ko tana nan yanzu. A wannan karon, tun da bai taɓa shan maganinta ba kuma ga alamu, ɗaukar cewa tana nan bai saɓa wa hankali ba.

Aka rubuta masa haɗin magani uku na kwana bakwai: omefirazol miligiram 20, amoksisilin giram 1, da kilaritiromaisin miligiram 500, kowanne safe da yamma. Lokacin ya zo daidai da ƙarancin takardun kuɗi da canjin fasalin naira ya jawo, ciniki ya tsaya cak a kasuwa, don haka na kwana biyar ya iya saya, da niyyar ya cika daga baya. A rana ta biyu bakinsa ya fara ɗaci, ɗacin da ko goro ba ya gusar da shi, wanda sananne ne ga kilaritiromaisin. A ta uku cikinsa ya ɗan sake. Ya tsallake na yamma sau biyu. Zuwa rana ta biyar zafin ya tafi gaba ɗaya, sai ya ga babu dalilin sayen sauran. Babu wanda ya ce masa ya dawo a sake gwaji.

Azumin 2023 ya kama a ranar 23 ga Maris. Ya yi goman farko lafiya, a goma na biyu zafin ya dawo da la'asar, ya ƙarasa watan da omefirazol a sahur.

Agusta 2023: gwajin bayan gida da ya ce babu

Daga sallah zuwa damina kullum yana shan omefirazol, domin duk ranar da ya fasa sai ya ji a jikinsa. A farkon Agusta ya yi zazzaɓi, aka ce masa taifod ne, ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana biyar. Bayan kamar kwana goma wani abokinsa ya ba shi shawarar gwajin bayan gida, wanda ya fi na jini inganci tun da shi ɓurɓushin jikin ƙwayar yake nema kai tsaye. Ya kai samfur da safe, bayan ya haɗiyi omefirazol ɗinsa kamar kullum. Sakamako ya fito cewa babu ƙwayar.

Ba a tambaye shi magungunan da yake sha ba, shi ma bai san akwai abin faɗa ba. Gwajin bayan gida da gwajin numfashi, wanda ake ba mutum ruwa mai yuriya ya sha sannan ya hura iska a leda ko kwalba, dukansu suna buƙatar ƙwayar ta kasance da yawa kuma tana cikin aikinta. Omefirazol da danginsa suna danne ta ba tare da sun kashe ta ba, haka ma maganin kashe ƙwayoyi da aka sha don wata cutar. Ƙa'idar ita ce a daina omefirazol na mako biyu, a kuma bar mako huɗu tsakanin maganin kashe ƙwayoyi na ƙarshe da ranar gwaji. Shi kuwa duka biyun bai cika ba. Ya ninke takardar ya sa a aljihu yana nuna wa mutane cewa ƙwayar ta mutu, abin da ya rage sai tabo. A watan Oktoba ya rage omefirazol zuwa ranar da ciwon ya taso kawai.

Janairu 2024: zubar jini

Sabuwar albasa ta fara sauka da yawa, aikin sauke kaya ya ƙaru, bayansa ya riƙe. A tsakiyar wata ya karɓo haɗin kemis, yana sha safe da dare, sau da yawa kafin ya ci komai. Daga baya da ƙanensa ya kai ragowar ledar asibiti, aka gane akwai dikulofenak da firoksikam a ciki, ga kuma garin maganin ciwon kai mai asfirin da yake zubawa a ruwa idan gajiya ta yi yawa. Dukan ukun dangi ɗaya ne. Suna rage ciwo ta hanyar toshe wasu sinadarai da jiki ke yi, amma waɗannan sinadaran su ne kuma ke sa tumbi ya fitar da majinar kariya, jini ya wadata a bangonsa. Asfirin ya ƙara da hana jini daskarewa da wuri. Bayan ƙwayar Helikobakta, wannan dangin magani shi ne babban sanadin gyambon ciki na biyu, idan kuma suka haɗu a ciki ɗaya haɗarin jini ya fi na kowanne shi kaɗai.

A ranar 21 ga wata ya ga bayan gidansa ya fito baƙi ƙirin, mai danƙo kamar kwalta, da wani irin wari da bai saba ji ba. Ya ɗauka wani abu ya ci. Abin da ya ƙara ruɗa shi, zafin cikin ma ya ragu. Washegari ya sake yin irinsa sau biyu. A rana ta uku yana miƙewa daga alwalar asuba jiri ya kwashe shi ya zube. Ƙanensa ya ce, "Yaya, dubi tafin hannunka, fari fat. Yau kam ba kemis za mu ba." Ya ɗauko mota suka nufi wani babban asibitin gwamnati.

An samu bugun zuciyarsa 118 a minti, awon hawan jininsa 95 bisa 60, adadin jajayen ƙwayoyin jini kuma kashi 20 cikin 100, alhali na lafiyayyen namiji yakan kai 40 ko fiye. Baƙin bayan gidan jini ne da ya zubo daga sama, ya narke a hanya kafin ya fita. Aka ɗaura masa ruwa, aka ƙara masa jini leda biyu, aka ba shi omefirazol ta jijiya.

A ranar 24 aka leƙa cikinsa da na'ura. Ya kwana bai ci komai ba, aka fesa masa maganin kashe kaifin maƙogwaro, aka kwantar da shi a gefen hagu da abin ciza a baki, sannan aka zura siririn bututu mai kyamara ta baki zuwa tumbi har bakin hanji. Aikin bai wuce minti goma sha biyar ba. An ga gyambo ɗaya mai faɗin kamar santimita 1 a bakin ƙaramin hanji, jinin ya riga ya tsaya, don haka ba a buƙaci ƙona jijiya ko matse ta ba. Bangon tumbi ya yi ja. Likita ta tsinko 'yan ƙananan tsoka daga wurare biyu na tumbin, ta jefa ɗaya cikin wani ruwan gwaji mai launin rawaya. Kafin awa guda ya koma ja, alamar akwai ƙwayar da ke farfasa yuriya. Sauran tsokar da aka duba a madubin ƙara girma ta tabbatar da haka, kuma ba a ga alamar ciwon daji ba.

Da ya nuna takardar Agusta, likitar ta yi masa tambaya ɗaya ta bakin ƙanensa da ke fassara: "Alhaji, ranar da ka kai wannan samfurin, kana shan omefirazol?" Ya ce, "Likita, ai ko ranar sai da na sha."

29 ga Janairu zuwa 11 ga Fabrairu 2024: haɗin magani huɗu

Ba a maimaita masa haɗin farko ba. Wanda ya taɓa shan kilaritiromaisin ƙwayar ba ta mutu ba, ana ɗaukar cewa waɗanda suka tsira sun riga sun saba da shi. Aka koma haɗi mai bismut na kwana 14 cur:

- omefirazol miligiram 20, sau biyu a rana, rabin awa kafin abinci
- bismut miligiram 120, sau huɗu
- tetirasaikilin miligiram 500, sau huɗu
- metironidazol, wanda aka fi sani da filajil, miligiram 400, sau huɗu

Tun da kafson tetirasaikilin mai miligiram 250 ya samu, bibbiyu yake haɗiya, jimilla ƙwaya 18 ke nan a yini. Bismut ɗin sai da ƙanensa ya zaga manyan shagunan magani kafin ya samu, kuma an nace a sayi na kwana 14 gaba ɗaya kafin a fara. Filajil magani ne da mutanenmu ke sha barkatai da zarar ciki ya murɗa, shi ya sa ƙwayar ta saba da shi ƙwarai a ƙasashen Afirka. Amma idan aka ba da shi da yawa, na tsawon kwana 14, tare da bismut da tetirasaikilin, haɗin yakan ci galaba duk da haka.

Mai ba da magani na asibitin ta zauna da su ta tsara lokutan: bayan karyawa, bayan azahar, bayan magariba, da kuma bayan isha kafin kwanciya da kamar awa ɗaya, da ruwa cikin kofi, domin tetirasaikilin yana ƙona maƙoshi idan ya maƙale. Ta hana shi madara da nono da farin maganin olsa awa biyu kafin tetirasaikilin da awa biyu bayansa, saboda suna riƙe shi a hanji jiki bai samu ba. Wannan ya sa shayin safe ya koma ba madara, fura da nono kuma aka ajiye ta tukuna. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe shi ma aka jinkirta shi sai an gama. Ta kuma ja masa kunne kan jiƙe-jiƙen gargajiya na kwalba da ake tallansu a tashoshin Legas, domin da yawansu da barasa ake jiƙa su, barasa kuwa ba ta haɗuwa da filajil. Ciwon baya aka bar shi da farasitamol, sauke buhu kuma aka bar wa yara.

A rana ta huɗu bayan gida ya sake yin baƙi, harshensa ma ya yi duhu. Hankalinsa ya tashi, suka koma asibiti. Wannan karon bismut ne. Baƙinsa ba shi da danƙo ko wannan warin, babu jiri, bugun zuciya 80, jini kuma bai sauka ba. An gaya masa haka zai ci gaba har a gama, amma idan danƙo ko jiri ko aman jini ya biyo baya kada ya jira gari ya waye. Tashin zuciya da ɗacin baki sun fi tsanani tsakanin rana ta biyar da ta tara. Ƙanensa ne ke riƙe da ledar maganin, yana yin alama a jikin kalanda. Sau ɗaya kacal aka tsallake, na azahar, ranar da kaya suka iso.

Fabrairu zuwa Afrilu 2024: warkewar gyambo da gwajin tabbatarwa

Saboda gyambon ya yi jini, ya ci gaba da omefirazol sau ɗaya a rana har ƙarshen Maris, tare da maganin ƙarin jini. Azumi ya kama ranar 11 ga Maris, likita ta ba shi shawarar ya sha na bana, ya tambayi malaminsa, aka ce ya rama idan ya warware. Sigari ya bari tun yana kwance a asibiti, an kuma bayyana masa cewa tana jinkirta warkewar gyambo.

Daga 1 ga Afrilu ya ajiye omefirazol. Kwanakin farko ya ji ƙwannafi, abin da kan faru ga wanda ya daɗe yana shan maganin sannan ya tsaya, aka yarje masa farin maganin ruwa don ya rage. A ranar 16 ga Afrilu, mako biyu ba omefirazol, sama da mako takwas ba maganin kashe ƙwayoyi, ya kai samfurin bayan gida. Babu ƙwayar. Ba a yi amfani da gwajin jini ba, tun da zai iya ci gaba da nuna layi biyu ko da ta mutu. Ba a kuma sake zura masa na'ura ba, domin gyambon bakin hanji da wuya ƙwarai ya zama daji. Da a jikin tumbi yake, da an sake leƙawa bayan mako shida zuwa takwas a tabbatar ya rufe. A watan Mayu jininsa ya kai kashi 38. Ya rama azuminsa a hankali kafin ƙarshen shekara, ya kuma yi na Maris 2025 cikakke ba tare da magani ba.

Me ya hana, me ya yi aiki

A ganina babban abin da ya ɓatar da shi fiye da shekara guda shi ne auna warkewa da tafiyar zafi. Omefirazol shi kaɗai yana kwantar da zafi cikin kwanaki, yana ma iya rufe gyambo, amma idan ƙwayar tana nan yawancin gyambunan suna dawowa cikin shekara. Don haka sauƙin da ya ji a rana ta biyar ta maganin farko aikin omefirazol ne, bai faɗi komai game da ƙwayar ba. Shi kansa tsarin kwana bakwai yakan gaza sau da yawa ko da an shanye shi, yanzu kwana 14 ake so, balle na kwana biyar mai giɓi.

Gwajin Agusta ya fi komai illa, domin ya ba shi kwanciyar hankalin da ba ta da tushe, har ya sassauta omefirazol daf da lokacin da zai shiga shan maganin ciwon baya. Gwajin kansa mai kyau ne, tambaya biyu ce aka rasa kafin a karɓi samfurin: yaushe rabonka da omefirazol, yaushe rabonka da maganin kashe ƙwayoyi. Zubar jinin kuwa haɗin kemis ne ya tunzura shi a kan gyambon da ƙwayar ta riga ta shirya, kuma kwana biyun da ya yi yana kallon baƙin bayan gida sun kusa cin ransa.

Yunwa da yaji da goro, waɗanda aka ɗora wa laifi tun farko, suna iya tayar da zafin gyambon da yake akwai, amma ba su suka haƙa shi ba. Har yanzu cin abincinsa ba shi da tsari, ciwon kuma bai dawo ba. Abin da ya yi aiki shi ne an canza haɗin maganin maimakon a maimaita, an saya cikakke kafin a fara, an samu mai sa ido, sannan an tabbatar da gwaji a lokacin da ya dace.

Akwai iyakar abin da za a ɗauka daga lamarinsa. Ba kowane mai zafin ciki ke buƙatar na'ura ba. Matashi marar alamun haɗari ana iya yi masa gwajin bayan gida ko na numfashi, a ba shi magani, a tabbatar. Wanda ke ramewa ba dalili, ko abinci ke maƙale masa, ko yake yawan amai, ko jininsa ya yi ƙasa, ko ciwon ya fara masa bayan ya manyanta, shi sai an leƙa, tun da tun 1994 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa wannan ƙwaya cikin masu haddasa dajin tumbi. Ciwo mai tsanani da ya zo farat ɗaya, ciki ya sandare ba ya taɓuwa, yana iya zama gyambo ne ya huda, wannan kuma aikin tiyata ne na gaggawa. Shi dai mutumin namu an rubuta masa a katinsa cewa dikulofenak, ibufurofen, firoksikam da asfirin ba nasa ba ne sai da izinin likita, kuma ƙanensa, wanda shi ma ya fara ƙorafin gyatsa da zafin dare, an tura shi gwajin bayan gida kafin ya taɓa omefirazol.